Yadda ake rubuta sanarwar ragin farashi ba tare da an rikita kwastoma ba

Yawancin gardamar da ke tashi bayan an yi ragin farashi ba daga kayan take fitowa ba, daga rubutun da aka sa a ƙarƙashin hoton tallar take fitowa. Mai kaya ya san abin da yake nufi, don haka sai ya rubuta rabi ya bar rabi a cikin kansa. Mai saye kuwa rabin da aka rubuta kawai ya gani, sai ya cike gurbin da abin da ya fi masa daɗi. Ranar da suka haɗu a kan kuɗi, kowa na ganin shi ke da gaskiya.

Akwai abu ɗaya da ya kamata ka riƙe tun kafin ka taɓa waya. Sanarwar da za ka rubuta ba a lokacin da ka sa ta kaɗai za a karanta ta ba, kuma ba lallai a shafinka za a gan ta ba. Wani zai ɗauki hotonta ya tura wa 'yar'uwarsa, ita kuma ba za ta buɗe ba sai bayan kwana uku. Sitatus na WhatsApp yana ɓacewa bayan awa 24, amma hoton da aka ɗauka daga gare shi yana nan a wayoyin mutane har wata guda. Saboda haka wanda za ka rubuta wa shi ne wannan mutumin da ya gani a makare, bai san ka ba, kuma ba ka kusa balle ka yi masa ƙarin bayani. Idan shi ya gane, sauran ma sun gane.

Za mu bi misali guda daga farko har ƙarshe. A ce wata mai sayar da takalma tana da ragowar wani samfurin takalmin motsa jiki, ƙafa 40, da ya yi mata kwantai. Tana sayar da shi 10,000, ko da wane irin kuɗi ake ciniki a inda take, kuma tana so ta sauke shi zuwa 8,000 na 'yan kwanaki don ta samu wurin sabon kaya. Ga abin da ta fara rubutawa:

"GAGARUMIN RAGI!!! Har kashi 50 cikin ɗari a kan takalmanmu. Daga yau zuwa Juma'a. Ku hanzarta kafin su ƙare. Akwai sharuɗɗa."

Babu ƙarya tsagwaronta a ciki, amma kusan kowace jimla tana da ƙofar rigima. Za mu gyara ta gaɓa-gaɓa.

Da farko, yanke shawara a takarda

Sanarwa ba ta fita da kyau idan mai ita bai gama yanke shawara ba. Kalmomi masu harshen damo galibi alama ce ta cewa mai kayan ya bar wa kansa hanyar zillewa, ko kuma bai yi tunanin abin ba sam. Don haka ɗauki takarda ka amsa wa kanka waɗannan kafin rubutu: wane kaya ne ragin ya shafa, nawa ne farashinsa na da da na yanzu, guda nawa ke ƙasa, yaushe za a fara, yaushe za a rufe, me mutum zai yi kafin a lissafa shi cikin waɗanda suka samu, wa zai biya kuɗin aike, kuma za a karɓi canji ko ba za a karɓa ba.

A nan ne kuma ake yin lissafin riba. Idan mai takalman nan ta saro kowace ƙafa a 6,500, to a 8,000 ribarta 1,500 ce. Idan ta ɗauki kuɗin aike a kanta, kuma aiken yana cin 1,000, ribar ta koma 500. Gara ta gano haka yanzu da ta gano bayan mutum goma sun biya, ta fara neman yadda za ta ce musu su ƙaro wani abu. Sharaɗin da aka ƙirƙiro bayan an karɓi kuɗi shi ne abin da kwastoma ya fi tsana, ko da sharaɗin mai ma'ana ne.

Wa'adi: rana, kwanan wata, awa, da abin da za a yi kafin awar

Nan ne aikin ya fi yawa, don haka za mu daɗe a kai.

Fara da cire "yau", "gobe", "jibi", "wannan makon" da "ƙarshen wata". Duk waɗannan suna dogara ne da ranar da aka karanta su. Wanda aka tura wa sanarwar ranar Laraba zai ɗauka "daga yau" Laraba ake nufi. Wanda ya gan ta a mako na gaba zai ɗauka Juma'ar da ke gabansa ce wa'adin, kuma ba za ka ga laifinsa ba. Maganin shi ne a haɗa sunan rana da kwanan wata: Juma'a 13 ga Maris. Sunan ranar yana taimaka wa mutum ya tsara kansa, kwanan watan kuma yana hana a ɗora sanarwar a kan wani mako. Kafin ka sa, duba kalanda ka tabbatar ranar da kwanan watan sun dace, domin idan ka rubuta Juma'a 14 alhali 14 Asabar ce, ka ba kowa damar zaɓar wadda ta yi masa. Sanya shekara ma ba ya cin wuri, kuma yana amfani ga sanarwar da za ta daɗe a shafi.

Rubuta sunan watan da haruffa. Idan ka rubuta 3/4, wasu za su karanta 3 ga Afrilu, wasu kuma, musamman waɗanda suka saba da tsarin Amurka inda wata ke zuwa kafin rana, za su karanta 4 ga Maris.

Sai awa. "Zuwa Juma'a" bai faɗi ko Juma'ar tana ciki ko ba ta ciki ba. Mai kaya na iya nufin da wayewar garin Juma'a ragi ya ƙare, mai saye kuma ya ɗauka yana da yinin gaba ɗaya. "Daren Juma'a" ma bai warware ba, domin a wurin mutane da yawa daren Juma'a shi ne daren Alhamis wayewar Juma'a, a wurin wasu kuma daren da ke biyo bayan yinin Juma'a. Haka "ƙarfe 12 na dare" yake: yana tsaye ne a kan iyakar kwana biyu, kuma ana iya jingina shi ga kowanne. Manyan shaguna na intanet suna kauce wa wannan da rubuta 11:59, kuma ya yi daidai ga wanda na'ura ce ke rufe masa ragi. Amma ga wanda shi da kansa yake amsa saƙo yana duba shigar kuɗi, shawarata ita ce ya zaɓi awar da idonsa biyu. Ƙarfe 9 na dare ya fi 11:59, saboda a lokacin kana iya tabbatar da kuɗin mutum na ƙarshe, ka sa sanarwar rufewa, ka kwanta babu abin da ya rage a rataye. Rubuta shi cikakke: ranar Juma'a 13 ga Maris, ƙarfe 9:00 na dare. Idan kana da masu saye a wata ƙasa da agogonku ya bambanta, ƙara da cewa agogon wace ƙasa ake nufi.

Yanzu ga abin da kusan kowa ke mantawa. Ƙarfe 9 ɗin nan, me ake so mutum ya riga ya yi kafin ya buga? Duba waɗannan mutum uku. Na farko ya turo saƙo ƙarfe 8 yana tambaya ko akwai lamba 42, aka ce akwai, bai sake magana ba sai safiyar Asabar. Ta biyu ta ce "a ajiye min ƙafa biyu" tun ranar Laraba, ba ta biya ko sisi ba. Na uku ya tura kuɗi ƙarfe 8:50, amma banki ya riƙe, kuɗin bai shigo ba sai ƙarfe 10. Dukkansu za su ce sun shiga cikin lokaci, kuma tsohuwar sanarwar ba ta da abin da za ta ce musu.

Dole ka zaɓi aiki guda da zai zama ma'auni, ka rubuta shi. Mafi tsafta shi ne biyan kuɗi: wanda ya biya kafin wa'adi shi ya samu. Da wannan, na farko da ta biyu sun san matsayinsu tun kafin su tambaya. Na ukun kuwa bai yi laifi ba, jinkirin banki ne, don haka adalci shi ne a ce lokacin da ke jikin rasit ɗin tura kuɗin shi za a duba. Wannan bai hana ka jira kuɗin ya shigo asusunka kafin ka saki kaya ba. Rasit yana tabbatar da lokaci ne kawai, ba ya maye gurbin shigar kuɗi. Idan kana yarda a ajiye kaya, faɗi nawa ne kafin alƙalami da ranar da za a cika sauran. Misali, a ba da rabi kafin wa'adi, a cika cikin kwana uku, in ba haka ba a mayar wa mutum kuɗinsa kaya su koma kasuwa. Idan ba ka ajiyewa, jimla ɗaya ta isa: ba a ajiye kaya sai an biya.

Saura "kafin su ƙare". Ragi yana iya ƙarewa ta hanya biyu, ko lokaci ya cika ko kaya su ƙare, kuma idan duka biyun suna aiki sai a faɗi haka ƙarara: zuwa ranar kaza, ko ƙarewar kayan, duk wanda ya riga zuwa. Abin da ke sa wannan jimla ta zama gaskiya shi ne faɗin adadi. Mai takalma tana da ƙafa 40, to ta ce 40. Wanda ya zo ranar Alhamis aka ce masa sun ƙare zai yarda idan tun farko ya san 40 ne. Idan ba a faɗi adadi ba, zai yi zargin ƙafa biyar aka ware don a jawo mutane a tallata musu mai tsada. Haka kuma kada a ce "saura uku" alhali akwai kwali biyu a ɗaki. Mutane suna lura da shagon da kullum saura uku.

Farashi: lamba biyu, kuma ta farkon ta zama ta gaske

Mutane sun fi gane kuɗi a kan kaso. "Da 10,000, yanzu 8,000" ya fi "ragin kashi 20 cikin ɗari" saurin shiga kai, kuma ba ya buƙatar lissafi. Idan kana son kason, sa shi a matsayin ƙari bayan lambobin biyu.

Yadda ake fitar da kason kuwa: cire sabon farashi daga tsohon, ka raba abin da ya rage da tsohon farashin, ka ninka da 100. A nan 10,000 a cire 8,000 ya bar 2,000. 2,000 a raba da 10,000 ya ba da 0.2, wato kashi 20. Kuskuren da aka fi yi shi ne rabawa da sabon farashi, sai a samu kashi 25, a rubuta shi da zuciya ɗaya, wani mai kalkuleta ya zo ya ƙaryata ka a bainar jama'a. Haka idan aka ɗora ragi a kan ragi: kashi 20 sannan ƙarin kashi 10 ba 30 ba ne. Na farko ya kai 10,000 zuwa 8,000, na biyu ya cire 800 daga 8,000 ya bar 7,200, jimilla kashi 28. "Sayi biyu a ba ka ɗaya kyauta" kuma ragin kashi ɗaya cikin uku ne, kusan 33 cikin ɗari, ba rabin kuɗi ba.

To ina "har kashi 50" na sanarwar farko ya fito? A ce a cikin shagon akwai silifas ƙafa huɗu da ta karya farashinsu rabi. Da su ta samu hujjar rubuta 50, alhali abin da ke cikin hoton, wanda shi mutane za su zo nema, ragin 20 gare shi. Mai karatu ba ya ganin "har", 50 yake gani, sai ya iso da 5,000 a hannu. Idan yawancin kayan 20 ne, to 20 za a rubuta a sama, a ba silifas ɗin layinsu daban da nasu farashin da adadinsu. In kuwa ragin ya bambanta sosai tsakanin kaya, a faɗi ƙasa da sama, daga kashi 10 zuwa 30, kuma kowane hoto ya zo da farashinsa.

Tsohon farashin da za ka rubuta ya zama wanda ka sayar da kayan a kansa da gaske, kwanan nan. Dabarar ɗaga farashi zuwa 13,000 mako guda kafin ragi, don a ce an sauke shi zuwa 8,000, tsohuwa ce, har wasu ƙasashe sun yi mata doka. A Tarayyar Turai, tun shekarar 2022, wanda ya sanar da ragi dole farashin da zai nuna a matsayin na da ya zama mafi ƙanƙantar farashin da ya sa wa kayan cikin kwana 30 kafin ragin. Ko dokar ba ta shafe ka ba, ma'auni ne mai kyau da za ka ɗora wa kanka. A misalinmu, idan makonni biyu da suka wuce ta riga ta sauke takalmin zuwa 9,000 ga kowa, to 9,000 ne farashin da, kuma ragin kusan kashi 11 ne. Tsofaffin kwastomominka sun san nawa suka saya, kuma su ne na farko da za su ga sanarwar.

Sharuɗɗa: waɗanda ke taɓa aljihu ko ke hana mutum samu

"Akwai sharuɗɗa" ba sharaɗi ba ne. Sanar da mutum ne cewa akwai abin da aka ɓoye masa. Amma kuma ba a so a jibga dokoki ashirin har mai karatu ya gaji ya wuce. Hanyar tacewa mai sauƙi ce: duk abin da zai canza kuɗin da mutum zai fitar, ko zai sa a ce masa bai cancanta ba bayan ya zo, dole ya shiga sanarwa. Sauran ana iya barinsu sai an zo hira.

Da wannan ma'auni, abu na farko shi ne iyakar kayan. "Takalmanmu" yana nufin duk shagon. Ta rubuta sunan samfurin, launukan da ke akwai, da lambobin da suka rage. Kayan kwantai yawanci lambobin tsakiya sun riga sun tafi, don haka idan 42 da 43 babu, faɗin hakan zai rage mata amsa saƙo hamsin. Ta kuma ƙara cewa sauran kayan shago suna kan farashinsu, don kada wani ya zaɓi sabon samfuri ya nemi a cire masa kashi 20.

Na biyu kuɗin aike. Wanda ya shirya 8,000 aka ce masa 9,000 a ƙarshe yana jin an yaudare shi, ko da ya san aike ba kyauta ba ne. A rubuta cewa kuɗin aike daban ne, kuma in ana iya faɗin adadinsa a faɗa. Idan ya danganta da nisa, a ce za a faɗa wa mutum kafin ya biya. Idan an ce aike kyauta ne, a faɗi iyakar inda kyautar ta tsaya.

Na uku canji da mayarwa. Masu kaya da yawa suna rubuta "kayan ragi ba a dawo da su" su tsaya nan. A raba abu biyu. Wanda ya canza ra'ayi, ko launin bai yi masa ba, kana iya tsara masa ƙa'idarka gwargwadon abin da dokar ƙasarku ta yarda, kuma wasu ƙasashen suna ba mai saye ta intanet 'yan kwanaki na fasa ciniki ko da kaya lafiya lau suke. Amma wanda aka aika wa kaya mai aibi da ba a faɗa masa ba, ko aka aika masa lambar da ba ita ya nema ba, ragi bai soke haƙƙinsa ba. Idan kuma dalilin ragin shi ne aibin, kamar tabo ko kwalin da ya lalace ko kaya da ranar lalacewarsu ta kusa, wannan shi ne sharaɗi mafi girma, kuma a sama za a rubuta shi tare da hoton aibin.

Na huɗu iyakar saye. Idan ba ta so ɗan sari ɗaya ya kwashe ƙafa 40 a awa ta farko, ta ce mutum ɗaya ƙafa biyu. Idan ba ta damu ba, tunda burinta kayan su tafi, ta bar wannan layin gaba ɗaya. Haka batun tayi: wanda ya saba a rage masa zai nemi ragi a kan ragin, don haka "farashin ƙarshe ne" yana da amfani, muddin za ta tsaya a kai ga kowa.

Jera su yadda ido ke bi

Instagram yana karɓar rubutu har haruffa 2,200, amma layukan farko kaɗan yake nunawa kafin ya naɗe sauran, kuma Facebook ma haka yake yi wa dogon rubutu. Mutane da yawa ba sa buɗe abin da aka naɗe. Saboda haka layi biyun farko su ɗauki kaya, farashi da wa'adi. Gaisuwa mai tsawo, kirari da jerin alamomin wuta su koma ƙasa ko a bar su. Bayan nan kowane sharaɗi ya samu layinsa, a gajarce, sannan a rufe da yadda ake oda.

Ga sanarwar bayan gyara:

"Takalmin motsa jiki (wanda ke hoton nan): da 10,000, yanzu 8,000.
Daga Litinin 9 ga Maris zuwa Juma'a 13 ga Maris 2026, ƙarfe 9:00 na dare, ko ƙarewar kayan, duk wanda ya riga zuwa.

Ƙafa 40 ne. Baƙi da fari, lamba 38, 39, 40, 41 da 44. Babu 42 da 43.
Wannan samfurin kaɗai ragin ya shafa, sauran kaya suna kan farashinsu.
Wanda ya biya kafin wa'adi shi ya samu. Lokacin da ke kan rasit za a duba. Ba a ajiye kaya sai an biya.
Kuɗin aike daban ne, za a faɗa maka kafin ka biya.
Ana canza lamba cikin kwana 3 da karɓa, idan ba a sa takalmin ba kuma lambar tana nan. Idan kuskuren daga wurinmu ne ko kayan na da aibi, za mu canza ko mu mayar da kuɗi.
Mutum ɗaya ƙafa biyu. Farashin ƙarshe ne.

Don oda, turo lamba da launi ta saƙo."

Ta fi ta farko tsawo, kuma babu alamar motsin rai ko ɗaya a ciki. Wasu za su ce ta yi sanyi, ba ta da zuga. Ni a ganina farashin da wa'adin su ne zugar. Wanda yake son takalmin ya ga 2,000 ta sauka kuma ya ga ranar rufewa, ba ya buƙatar a yi masa ihu.

Kada a manta da hoton kansa. Sau da yawa hoto ne ke yawo, rubutun ƙasa ya tsaya a baya. Don haka a rubuta farashi biyun da cikakken wa'adin a jikin hoton, da haruffan da za a iya karantawa a ƙaramar waya, a ƙara da "cikakkun sharuɗɗa suna ƙasa". Lambobin hoto da na rubutu su zama iri ɗaya, haka na kowane dandali da aka sa tallar. Idan bidiyo ne, abin da aka faɗa da baki ya dace da abin da aka rubuta. Rubuta sanarwar sau ɗaya a wuri guda, ka riƙa kwafowa daga can, ya fi sake rubuta ta da ka a kowane wuri.

Gwaji kafin a saki

Miƙa wa wani da bai san shirin ba, ya karanta sau ɗaya, ka karɓe wayar. Tambaye shi: nawa za ka biya gaba ɗaya? Idan ka turo kuɗi ranar Juma'a da yamma ka samu? Ranar Asabar da safe fa? Jakar da ke shagon tana cikin ragin? Idan takalmin ya matse ka ya za a yi? Duk tambayar da ya yi jim kafin ya amsa, ko ya ce "ina jin", layinta na buƙatar gyara. Kada ka yi masa bayani da baki, domin mai karatu na gaske ba zai samu wannan bayanin ba.

Bayan an saki, saƙonnin da ke shigowa su ne gwaji na biyu. Idan mutum uku suka yi tambaya iri ɗaya, sanarwar ce ba ta amsa ta ba. Gyara rubutun, ka nuna a fili cewa an yi gyara da ranar da aka yi shi. Ƙarin haske ba laifi ba ne. Abin da ba a yi shi ne tsaurara sharaɗi a ɓoye bayan mutane sun biya. Duk wanda ya biya a kan tsohon rubutu, tsohon rubutun ne yarjejeniyarku. Idan kuma kuskuren lamba ne, kamar an rubuta 800 maimakon 8,000, a gyara nan take, a sanar a fili, wanda ya riga ya turo kuɗi a ba shi zaɓi ya cika ko a mayar masa cikakke ba tare da ja-in-ja ba.

Yayin da kaya ke raguwa, riƙa sabunta adadin da lambobin da suka ƙare. Tunatarwar da za a yi ranar ƙarshe ita ma ta zo da kwanan wata: "Yau Juma'a 13 ga Maris ake rufewa, ƙarfe 9:00 na dare."

Idan wa'adi ya cika

Ƙarfe 9 na bugawa, a koma kan sanarwar a rubuta "AN RUFE" a layin farko, a sa irinta a sitatus. Barin tsohuwar sanarwar da wannan alama ya fi goge ta, saboda idan gardama ta taso daga baya akwai abin da za a nuna. A mayar da farashi 10,000 a duk inda aka rubuta shi.

Washegari wani zai zo da hoton sanarwar yana roƙo. Amsar ba ta buƙatar tsawo: "Sannu da ƙoƙari. Ragin ya rufe jiya ƙarfe 9 kamar yadda aka rubuta, yanzu 10,000 ne. In kina so zan sanar da ke idan za mu sake yi." Idan ka ga dama ka yi wa wani alfarma, dukiyarka ce, amma ka sani labari zai kai ga wadda ta ranci kuɗi ranar Alhamis don kada wa'adi ya wuce ta.

Matsala ta ƙarshe ita ce idan Juma'a ta zo saura ƙafa 15. Ƙarin wa'adi ba haramun ba ne, amma a yi shi sau ɗaya, a faɗi dalilin gaskiya da sabuwar ranar: "Saura ƙafa 15, lamba 38 da 44. Mun ƙara zuwa Litinin 16 ga Maris, ƙarfe 9:00 na dare." Kada a ce jama'a ne suka matsa a ƙara alhali kaya ne ba su tafi ba. Kuma kada a ƙara sauke farashi a cikin ƙarin wa'adin, domin wanda ya biya 8,000 ranar Talata zai ga 7,000 ranar Lahadi ya ji an hukunta shi saboda ya yi sauri. Idan tun farko kana zargin kayan ba za su ƙare cikin kwana biyar ba, to kada ka sa rana sam. Rubuta "8,000 har ƙafa 40 ɗin su ƙare", ka riƙa faɗin abin da ya rage duk bayan kwana biyu.